Tsofaffin sojan Bama da maganar 'yancin kai

*Malam, kakana ya yi yaƙin Bama, ya rasu ina ƙarami. A gidanmu kullum cewa ake su ne suka karya kwarjinin Bature, da dawowarsu mulkin mallaka ya fara tangal-tangal. Amma na duba waɗanda suka karɓi mulki a Najeriya da Ghana da Nijar, ban ga tsohon soja ko ɗaya ba. To ina gaskiyar take? Wace rawa suka taka bayan sun dawo?*

Allah ya ji ƙan kakanka, ɗan'uwa. Mutanen gidanku ba su yi ƙarya ba, kai ma idonka bai yaudare ka ba. Abin da ya raba maganganun biyu shi ne, tsohon soja ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ya yi bayan ya tuɓe kaki ya danganta da aikin da ya yi a soja, da garin da ya koma, da kuma wanda ke biyansa. Idan ka riƙe waɗannan, za ka gane dalilin da ya sa a birni ɗaya tsofaffin sojoji suka girgiza gwamnati cikin yini guda, a wani wurin kuma su ne suka riƙe mata kulki.

Bari in fara da inda suka girgiza ta, domin nan ne labarin ya fi fitowa fili: Accra, wadda Hausawan Zango na da ke kira Ankara, ranar Asabar 28 ga Fabrairu 1948, ranar da tsofaffin sojoji suka yi tattaki ɗauke da takardar koke.

Gold Coast, wato Ghana ta yau, ta ba Ingila mutum wajen 65,000 a Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu sun yi yaƙin Habasha da Italiyawa a 1941, da yawa kuma aka kai su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kafaɗa da kafaɗa da 'yan Najeriya irin kakanka. To amma sojan wannan yaƙi ya sha bamban da na da. Tun zamanin da wani Bature mai suna Glover ya kafa 'yan sandansa na Hausawa a Ikko a 1863, Turawa sun fi son ɗaukar sojan ƙasa daga Arewa, manomi wanda bai yi boko ba, har Hausa ta zama harshen bariki daga Kaduna zuwa Kumasi. Yaƙin Hitila ya zo da wata bukata dabam. Ana neman direbobi, makanikai, masu buga waya, akawu, ma'aikatan asibiti. Irin waɗannan sai a Kudu, wurin waɗanda suka ɗan zauna a aji. Su ne suka dawo da sana'a a hannu da buri a zuciya, kuma ba su da niyyar komawa gona. Suka taru a Accra da Sekondi da Kumasi suna jiran aikin da aka yi musu alkawari.

Aikin bai zo ba. Direbobin da soja ya horar sun fi motocin da ke ƙasar yawa nesa ba kusa ba, kuma takardar shaidar sana'a ta soja ba kowane kamfani ke kallonta da daraja ba. Sai maganar kuɗin sallama. Takardun da aka tono na rundunonin Gabashin Afirka sun nuna yadda ake lissafinsa: farabiti Bature sule 10 kan kowane wata da ya yi a soja, farabiti baƙar fata sule 3 da sisi. Ɗauki mutum biyu da suka yi shekara huɗu, wata 48 ke nan. Baturen zai tafi gida da fam 24, ɗan Afirka da fam 8 da sule 8, alhali harsashin Jafan bai tambayi launin kowa ba. A Yammacin Afirka ma ma'aunin launin fata ne ya yi aiki a albashi da sallama. Ɗan abin da aka ba su kuma ya tarar da kasuwa ta yi wuta, domin atamfa da kananzir da kwanon rufi duk sun yi ƙaranci bayan yaƙi, kuma shigo da su yana hannun 'yan kamfanonin Turawa kaɗan da suka haɗa kai. Kuɗin da mutum ya yi lissafin zai yi aure da shi ya kafa shago sai ya narke cikin 'yan watanni.

Ka lura da wannan, domin shi ne ginshiƙin amsata: takardar koken da suka ɗauko ranar nan ba ta neman Bature ya tattara ya tafi ba ce. Fansho ne, da kuɗin waɗanda suka nakasa, da aiki, da neman a ƙara ba 'yan ƙasa muƙamin hafsa. Koken ciki ne da na mutunci.

Abin da ya mayar da shi siyasa shi ne irin garin da ya faɗo a ciki. Tun 26 ga Janairu wani basarake ɗan kasuwa na Accra, Nii Kwabena Bonne, ya ja jama'a suka ƙaurace wa kantunan Turawa da na Kwara saboda tsada. Aka sasanta cewa kamfanoni za su rage ribar da suke ɗorawa a kan wasu kayayyaki daga kashi 75 zuwa kashi 50 cikin ɗari, a koma ciniki ranar 28 ga Fabrairu. Mutanen gari da yawa sun ɗauka farashi zai faɗi warwas. Amma yi lissafin da kanka: kayan da aka sayo a 100 ake sayarwa 175, yanzu ya koma 150. Ragin bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. Da safiyar ranar mata suka cika kantuna, suka ga abin da aka rubuta a jikin kaya, rai ya ɓaci. A ƙauyuka kuma manoman koko na fushi domin gwamnati na sare musu itatuwa da sunan maganin wata cuta da ke kumbura reshe. Ga kuma sabuwar ƙungiyar lauyoyi da 'yan kasuwa, UGCC, wadda aka kafa a Agustan 1947, da sabon sakatarenta Kwame Nkrumah da ya dawo daga Ingila a Disamba. Shi da J. B. Danquah sun yi wa tsofaffin sojojin jawabi a wani gidan silima kwanaki kaɗan kafin tattakin.

Da rana ta yi, 'yan mazan jiya wajen 2,000 suka jeru kamar a fareti. An ba su izini, amma bisa sharaɗin su bi wata hanya su kai takardarsu sakatariya. Sai jerin ya karkata ya nufi fadar Gwamna Gerald Creasy da ke Osu, wadda ake kira Christiansborg. A mararrabar da ke kusa da fadar 'yan sanda ƙalilan suka tare su ƙarƙashin wani sufuritanda Bature, Colin Imray. Aka yi jifa, aka harba barkonon tsohuwa, jerin bai tsaya ba. Imray ya ba da umarnin harbi, yaransa ba su harba ba, sai ya fizge bindiga daga hannun ɗaya ya harba da kansa. Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka rasa rayukansu.

Labari ya isa cikin gari inda dama zukata ke tafasa. Kafin dare an farfasa kantunan Turawa da na Kwara, an cinna wa wasu wuta, washegari aka ɓalle ƙofar kurkukun Ussher Fort. Tarzoma ta bazu zuwa Nsawam da Koforidua da Kumasi. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 29 suka mutu, 237 suka ji rauni. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, har daga Najeriya aka kawo sojoji don kwantar da ita. Wato sojan Afirka ne a gaban bindiga, sojan Afirka ne a bayanta.

Daga nan sai gwamnati ta yi kuskuren da ya gina maƙiyinta. Creasy ya ɗauka makircin 'yan gurguzu ne, ya sa aka kama shugabannin UGCC shida ranar 12 ga Maris: Danquah, Nkrumah, Ako Adjei, Obetsebi-Lamptey, Akufo-Addo da William Ofori Atta. Aka watsa su Arewacin ƙasar, Nkrumah a Lawra. Mutanen da jiya ba kowa ya san su a wajen Accra ba suka wayi gari gwaraza. Su ne shidan da kake gani a takardar kuɗin Ghana. Kwamitin bincike na Aiken Watson da aka turo daga London ya ce tsarin mulkin 1946 ya tsufa tun ranar haihuwarsa, a sake sabo. Aka kafa kwamitin Mai Shari'a Coussey, duk 'yan ƙasa, ya rubuta sabon a 1949. A Yunin shekarar Nkrumah ya ɓalle ya kafa jam'iyyar CPP. Aka ɗaure shi a 1950, jam'iyyarsa ta lashe kujeru 34 cikin 38 da aka yi takara a kansu a Fabrairun 1951, Gwamna Arden-Clarke ya fito da shi daga kurkuku ya miƙa masa ragamar harkokin gwamnati. Ranar 6 ga Maris 1957 aka sauke tutar Ingila. Shekara tara da 'yan kwanaki ke nan daga harbin mararraba.

To yanzu tambayi kanka: cikin shidan nan wa ya taɓa sa kaki? Babu. Lauyoyi ne da 'yan boko. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sojojin sun ba da jini da hoton da ba ya gogewa, na mutumin da ya tsira daga dajin Bama ya zo ya mutu a ƙofar gidan gwamnatin da ya yi wa yaƙi. Wasu daga cikinsu sun shiga CPP, su ne masu tsaron taro, masu jera mutane a sahu, masu tuƙa motocin lasifika. Amma ba su suka tsara tafiyar ba, ba su suka gaje ta ba. A ganina, da ba a yi ƙauracewar kantuna ba, da babu rikicin koko, da babu jam'iyyar da ke jiran irin wannan rana, da harbin Imray ya tsaya a matsayin ta'asa guda da za a yi makoki a manta. Ashana ce, kuma ashana sai ta tarar da busasshiyar ciyawa.

Ka kuma tuna mutum 2,000 ne cikin 65,000. Ina sauran? Mafi yawan sojan ƙasa na Gold Coast 'yan Arewa ne, Frafra da Dagarti da Kusasi da Grunshi, har da waɗanda suka ƙetaro daga ƙasar Faransa. Sun karɓi sallama sun koma gida.

Nan ne labarin ya zo kusa da gidanku. Najeriya ta ba da fiye da mutum 100,000, kuma waɗanda suka riƙe bindiga ko suka ɗauki kaya a ka a kwarin Kaladan da gaɓar Arakan na ƙasar Bama galibinsu daga Arewa suke: Hausawa, Kanuri, Tibi, Bachama, mutanen Zuru da na tsaunukan Filato da Kudancin Zazzau. Na ce ɗaukar kaya domin mutane ba su san cewa runduna ta 81 ta dogara da dubban 'yan dako ba, waɗanda ke ɗauke da harsashi da abinci da sassan igwa a dajin da mota ba ta shiga. Yadda aka ɗauki da yawansu ma ta hannun sarakuna ne. Razdan ya gaya wa Sarki adadin da ake so, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa ta nan yake fita. Da aka sallame shi, aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa tashar da ta fi kusa da garinsu, ya koma ƙarƙashin dagacin da ya miƙa shi.

Gwamnati kuma ta shirya masa. A 1945 aka yi dokar da ta tilasta wa ma'aikatu ba tsofaffin sojoji fifiko wajen ɗaukar aiki. A Arewa aikin da ya dace da mutumin da ya iya fareti da bin umarni da ɗan Turancin bariki a fili yake: ɗan doka na En'e, gandiroba, masinjan Di'o, maigadin kanti, direban hakimi. Saboda haka lokacin da NEPU ta fito a Kano a Agustan 1950 tana ƙalubalantar mulkin En'e, waɗanda suka kafa ta akawu ne da 'yan kasuwa da malamai, jagoranta Malam Aminu Kano malamin makaranta, Sa'adu Zungur ma haka. Tsohon sojan Bama kuwa sau da yawa yana ɗaya ɓangaren, sanye da kayan 'yan doka, shi ake aikawa ya watsa lacca. Ban ce babu tsohon soja a NEPU ba, akwai su a cikin talakawan da suka sha ɗauri. Amma a matsayin rukuni, ba su zama ƙarfin siyasa a Arewa ba.

A Kudu akwai irin su Mokwugo Okoye, wanda ya fito daga soja ya zama jigo a ƙungiyar matasan Zikist, mabiya Azikiwe, har ya sha kurkuku. Sai dai manyan abubuwan da suka tura Najeriya gaba a shekarun nan, yajin aikin gama-gari na 1945 da kisan masu haƙar kwal 21 a Iva Valley kusa da Inugu a Nuwambar 1949, na ma'aikata ne da 'yan jarida.

Game da karya kwarjinin Bature da ake faɗa a gidanku, akwai gaskiya a ciki, amma a auna ta. Kafin yaƙi, Baturen da talakan Arewa ya sani shi ne Di'o a kan doki ko Joji a kan kujera. A Bama kakanka ya ga Bature na rawar ɗari saboda tsoro, ya ga yana kuka, ya ga gawarsa. A Indiya ya ga Bature talaka, ya kuma ga ƙasar da ke dab da ƙwace kanta. Wannan ya shiga hirar dandali, kuma hira tana aiki a hankali. Amma gane cewa Bature mutum ne abu ɗaya ne, kafa jam'iyya abu ne dabam. Tsofaffin da na zauna da su ina matashi, kusan dukkansu sun haɗa abu biyu da mu 'yan baya muke gani kamar ba sa haɗuwa: haushin yadda aka sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba, da alfahari da lambobin Sarkin Ingila da suke gogewa su maƙala ranar tunawa. Dubi Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru a yaƙin farko, aka kama shi, ya koma wa Ingila, ya yi Habasha da Bama, ya zama samanja mafi shahara a rundunar Najeriya. Barikin Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Irinsa soja ne gidansa, ba jam'iyya ba.

Tasirinsu a Arewa ya fi fitowa a rayuwar yau da kullum. Su ne da yawa daga direbobin manyan motoci na farko da masu gyaransu. Su suka baza kalmomin bariki cikin Hausa, saje da kofur da samanja da fareti da hafsa. A garuruwan da ba Hausa ake yi ba, tsohon soja ne ya koma da Hausa a bakinsa, kuma sau da yawa shi ne ya fara kai ɗansa makarantar boko, domin ya ga da idonsa cewa wanda ya iya rubutu shi ke zama a inuwa yana rubuta sunan masu ɗaukar kaya. Gidajen da suka ba da soja a 1942 su suka ci gaba da ba da shi, 'ya'ya da jikoki, abin da ya sa wasu ƙananan ƙabilu suke da yawa a rundunar Najeriya fiye da adadinsu a ƙasa. Ko sunayen barikoki ka duba, taswirar Bama ce: Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas.

Ɓangaren Faransa, inda Nijar take, ya fi ɗaure kai, domin can ne aka yi musu mafi munin cin amana, kuma can ne suka fi riƙe wa mai mulkin amana. A ƙarshen Nuwambar 1944 aka sauke sojoji wajen 1,300 a Dakar, waɗanda Jamus ta kama tun 1940 suka yi shekaru a tsare. Ana kiransu sojan Senegal, amma daga duk faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa suke. Aka ajiye su a sansanin Thiaroye. Suka ce ba za su hau jirgin ƙasa zuwa gida ba sai an biya su bashin albashinsu. Da asubar 1 ga Disamba aka kewaye su aka buɗe wuta. Rahoton soja na lokacin ya ce 35 suka mutu, wani ya ce 70, masu bincike da dama na ganin sun kai ɗaruruwa. Waɗanda suka tsira aka gurfanar da 34 aka ɗaure. Sai a Nuwambar 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Za ka zaci bayan wannan duk tsohon sojan Faransa zai zama ɗan tawaye. Ba haka ta kasance ba. Faransa ta ɗaure su da abubuwa da dama: fansho na dindindin ga wanda ya daɗe a soja, da katin tsohon soja, da guraben aiki a ofishin kwamanda, da kuma ƙuri'a. A zaɓukan 1945 da 1946, lokacin da ba kowa ke da ikon jefa ƙuri'a ba, tsofaffin sojoji na cikin 'yan rukunan da aka ba. A gundumar karkara suna iya zama kaso mai tsoka na masu zaɓe, shi ya sa kowace jam'iyya ke zawarcinsu. Hujjarsu a siyasa ita ce bashin jini: mun zubar da jini don Faransa, sai a biya mu daidai da Bafaranshe. Wannan hujja tana da kaifi. Tun yaƙin farko Blaise Diagne ya yi amfani da ita ya samar wa mutanen garuruwa huɗu na Senegal cikakken 'yancin ɗan ƙasa a 1916, kuma ta taimaka wajen soke aikin tilas da dokar hukunci ba shari'a a 1946. Amma ka ga inda ta nufa. Hujja ce ta neman daidaito a cikin gidan Faransa, ba ta fita daga gidan ba. Mai bin bashi ba ya son wanda yake bi ya yi nisa.

Da shugaban gwamnatin Faransa De Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan a ci gaba da zama tare da Faransa ko a fita, Djibo Bakary da Sawaba suka ce a jefa "a'a" a Nijar. Cikin makaman da aka yaƙe su da su, ban da sarakuna da matsin gwamna, har da tambayar da ake jefa wa tsohon soja: idan Faransa ta tafi, wa zai biya ka? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. "I" ta yi rinjaye a Nijar da kusan kashi 78 cikin ɗari, Gini kaɗai ta fita. Sakayyar da suka samu ita ce, a ƙarshen 1959 majalisar Faransa ta yi dokar daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka sami 'yanci a kan adadin da yake a lokacin. Na Bafaranshe na hawa da tsadar rayuwa, nasu na tsaye cik. Ba a daidaita ba gaba ɗaya sai bayan hukuncin kotun tsarin mulkin Faransa a 2010, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Inda tsohon soja ya ɗauki makami da gaske shi ne inda Turawa suka zauna suka ƙwace ƙasar noma, aka kuma toshe hanyar ƙuri'a. A Kenya, Waruhiu Itote, wanda aka sani da Janar China, ya yi Bama kafin ya jagoranci mayaƙan Mau Mau a dutsen Kenya. A Aljeriya, Ahmed Ben Bella ya sami lambar yabo a yaƙin Italiya, ya dawo ya tarar da kisan da Faransawa suka yi wa 'yan ƙasa a yankin Sétif a Mayun 1945, ya zama cikin waɗanda suka tayar da yaƙin neman 'yanci na 1954, daga baya shugaban ƙasa. Ko a nan ma, sojojin Afirka da suka yaƙi Mau Mau a ƙarƙashin tutar Ingila, da Musulmin Aljeriya da suka tsaya wa Faransa, ba kaɗan ba ne.

Ka ce ba ka ga soja cikin waɗanda suka karɓi mulki ba. Matsa gaba da shekara shida ka sake dubawa. Daren shiga 1966 Jean-Bédel Bokassa, wanda ya shiga sojan Faransa a 1939, ya ƙwace Afirka ta Tsakiya. Ranar 3 ga Janairu Sangoulé Lamizana ya karɓi Upper Volta, wato Burkina Faso. Tsakiyar watan Aguiyi-Ironsi, wanda ya shiga soja a 1942, ya zama shugaban Najeriya bayan juyin mulkin da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ranar 24 ga Fabrairu aka kifar da Nkrumah, aka ɗora Joseph Ankrah, shi ma sojan zamanin yaƙi. Cikin wata biyu, ƙasashe huɗu. Waɗannan ba su ne suka tuɓe kaki suka shiga gari ba. Su ne suka zauna a bariki, suka hau daga saje zuwa hafsa, suka kai manyan muƙamai lokacin da Turawa ke gaggawar miƙa rundunoni. Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe wannan tsani da ƙyar, domin Seth Anthony na Gold Coast, a 1942, shi ne baƙar fata na farko da ya zama hafsa a rundunar Afirka ta Yamma ta Ingila. Seyni Kountché, da ya kifar da Diori Hamani a 1974, na sahun da ya biyo baya ne, 'yan yaƙin Indochina da Aljeriya.

In kana son sanin inda kakanka ya faɗa cikin wannan duka, nemi littafin sallamarsa, ɗan ƙaramin littafi ne da tsofaffi kan adana a ƙasan adaka tare da lambobi. A ciki za ka ga lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da sana'ar da aka rubuta masa, da ranar sallama. In an rubuta direba ko mai buga waya ko akawu, tambayi dattawan gidan ko ya zauna a Kano ko Kaduna ko Jos bayan ya dawo, da wace ƙungiya ya bi, domin irinsu ne suka fi shiga ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyu. In sojan ƙasa ne ko ɗan dako, tambayi ko ya yi ɗan doka ko gadi. Cikin lambobin kuma duba tauraro mai kusurwa shida, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe. Wannan ce lambar Bama. Da lambar sojan da sunan gundumarsa kana iya zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayilolin lardinku na 1945 zuwa 1948 kan sake tsugunar da sojoji, inda Di'o-Di'o suka riƙa rubuta wa Razdan yawan waɗanda suka dawo, da aikin da aka ba su, da koke-koken da suka kawo.